Kalori nawa ne a cikin muɗabbaƙ guda? Fashin baƙi kan kwaɓi, haɗin ciki da man suya

Duk sa'ad da alhazai suka dawo, ko azumi ya ƙarato aka shiga musayar girke-girke, sai maganar muɗabbaƙ ta taso, ta taho da tambayar da ba ta ƙarewa: kalori nawa ne a cikin guda ɗaya? Wata ta ce ta ga an rubuta 300, wata ta ce ita 800 ta gani. Mai son rage ƙiba ya rasa wanda zai kama, mai ciwon suga ma haka. Abin da ke ɗaure kai shi ne duk su biyun za su iya zama gaskiya, domin muɗabbaƙ ba kamar ƙwai ba ne da za a ce ga nauyinsa, ga abin da ke cikinsa. Abubuwa uku ne aka haɗa, kwaɓin fulawa da haɗin ciki da mai, kuma kowane mai suya da irin hannunsa. Biyu daga cikin ukun ana iya lissafa su ba tare da wahala ba. Na ukun, wato mai, shi ne inda lissafin mutane ke watsewa.

Ga wanda bai san shi ba, muɗabbaƙ abincin Yaman da Hijaz ne, kuma sunan daga Larabci yake, ma'anarsa abin da aka ninke. A bakin mutanen Makka da Jidda za ka ji ana cewa muɗabbag. Ana miƙar da kwaɓin fulawa har ya yi shara-shara, a zuba niƙaƙƙen nama da ƙwai da ganye a tsakiya, a ninko gefuna huɗu, a soya a kan faffaɗan farantin ƙarfe, sannan a yayyanka. Akwai irinsa a Maleshiya da Singafo da Indunusiya, inda wasu ke tsoma shi cikin mai mai yawa.

Me ake nufi da kalori?

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kamar yadda lita take ma'aunin fetur. Abin da ake kira kalori a maganar abinci shi ne wanda ake rubutawa kcal a jikin leda ko gwangwani. In aka ga kJ, wani ma'aunin ne daban. Sai a raba adadin da 4.184 a sami kalori. Mutane da yawa na karanta layin kJ su firgita a banza.

Tushen lissafin tsoho ne, daga aikin wani masani ɗan Amurka, Wilbur Atwater, a ƙarshen ƙarni na 19. Giram ɗaya na sitaci ko suga yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai, shi ma 4. Giram ɗaya na mai ko kitse kuwa kusan 9 ne. Ruwa da gishiri ba su da ko ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe, tara na mai da sifirin ruwa, su ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Ruwa na ƙara nauyi ba tare da ya ƙara kalori ba, mai kuwa yana ƙara kalori sosai ba tare da an ji nauyinsa a hannu ba.

Kwaɓi: nauyin curi ba nauyin fulawa ba ne

Farar fulawa tana da kalori kusan 364 a kowane giram 100. Wannan adadin na busasshiyar fulawa ne, kamar yadda take a buhu. Kuskuren farko da ake yi shi ne a ɗora curin kwaɓi a sikeli, a ga giram 84, a lissafa shi da adadin fulawa, a ce 306. An manta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na curin nan ruwa ne.

Hanyar da ta dace ita ce a fara da dukan kwaɓin, tun kafin a raba shi. A ɗauki misalin gidan da zai yi muɗabbaƙ goma. An auna fulawa giram 500, ruwa giram 300, man gyaɗa giram 30, gishiri giram 10. Fulawar ta kawo kalori 1,820. Man girki yana da 884 a giram 100, don haka giram 30 ya kawo 265. Jimilla 2,085, a cikin kwaɓi mai nauyin giram 840. In aka raba kalorin da nauyin, kowane giram na kwaɓin nan yana ɗauke da kusan kalori biyu da rabi. Curi goma daidai wa daida, kowanne giram 84, kalori 208. Wanda ya yi kuskuren can na farko ya ƙara wa kansa kusan ɗari da babu su.

Amfanin fitar da adadin giram ɗaya shi ne ba sai an sake lissafi daga farko ba in curin ya canza. Mai hannu da ya gwanance zai iya miƙar da curin giram 60 ya rufe haɗi iri ɗaya, ya tashi da 149 maimakon 208. Wanda kwaɓinsa ke yagewa kuma yakan ƙara ɗan falle a tsakiya don ya riƙe ƙwai, wannan fallen ma sai an ƙirga shi. Haka in an datse gefuna masu kauri an ajiye gefe, sai a auna abin da aka datse a cire.

Akwai kuma man da ba ya cikin kwaɓi kuma ba na suya ba ne, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. Kwaɓin muɗabbaƙ ba ya miƙewa sai an shafe kowane curi da mai an bar shi ya huta, sannan a shafa wa tebur mai, a shafa wa hannu. In aka zuba man wannan aikin a kofi daban aka auna kafin da bayan an gama, za a ga abin da ya tafi. A misalinmu mu ce giram 40 ne ya bi curi goman, wato giram 4 kowanne, kalori 35.

Ana yawan cewa a koma garin alkama da ba a cire dusarsa ba don a rage kalori. Garin nan yana da wajen 340 a giram 100, bambancin 24 ke nan. A muɗabbaƙ guda mai fulawa giram 50, ragin bai wuce 12 ba. Amfanin garin alkama yana wajen ƙosarwa da lafiyar hanji, ba a wannan lissafin ba, kuma ba ya miƙewa shara-shara kamar farar fulawa, don haka sau da yawa curin kan ƙara girma, a ci ribar a mayar.

Haɗin ciki: a auna ɗanye, a raba dafaffe

Nama shi ne ke da rikici a nan, saboda dalili biyu. Na farko, kitse. Ɗanyen niƙaƙƙen naman sa mai kitse kashi 10 cikin ɗari yana da kalori kusan 176 a giram 100. Mai kashi 20 yana da 254. Mai kashi 30 ya kai 332. Duk sunansu niƙaƙƙen nama, kuma mahauci ba ya rubuta maka kason kitse a leda. Ido ne ke aiki: in naman ja ne wur da ɗan ɗigon fari nan da can, yana wajen na farko. In fari da ja sun cakuɗa har launin ya koɗe, ya kusa na ƙarshe. Wanda ya sayi tsoka zalla ya sa aka niƙa a gabansa ya fi kowa sanin abin da yake ci.

Na biyu, nama na raguwa a wuta. Ruwansa ke fita, yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, albasa kuma ta fi shi zubar da ruwa. Kalorin bai bi tururi ya tafi ba, yana nan a cikin kasko. Don haka giram 50 na soyayyen haɗi ya fi giram 50 na ɗanye nauyin kalori, kuma wanda ya auna dafaffe ya lissafa da adadin ɗanye ya yi wa kansa rangwamen ƙarya.

Mu koma gidan nan mai muɗabbaƙ goma. Nama giram 500 mai kitse kashi 20, kalori 1,270. Albasa giram 200, tana da 40 a giram 100, ta kawo 80. Man da aka soya su da shi giram 20, kalori 177. Kayan ƙamshi da barkono da gishiri ba su kai a damu da su ba. Jimilla 1,527. Da aka sauke ya huce aka auna, haɗin ya koma giram 500. Kowane giram ya zama kalori uku da 'yan kai. In kowane muɗabbaƙ ya sami giram 50, ya ɗauki 153.

In an tsiyaye kitsen da ya narke a kasko an zubar, ana cire shi daga lissafi, amma ba a auna shi da zafinsa, domin ruwan nama na gauraye da shi. A zuba a kofi a bar shi ya daskare, a kwashe farin da ke sama a auna. Giram 30 na kitse kalori 270 ne, wato kowane muɗabbaƙ ya sami ragin 27. In ba a zubar ba, ba abin da za a cire.

Sauran kayan ba su da wahala. Babban ƙwai guda, giram 50 ba ɓawo, kalori 72. A Hijaz ganyen kurrat ake sawa, ɗan'uwan albasa ne. Wanda ba shi da shi yakan sa lawashi, kuma giram 30 na lawashi bai wuce kalori 10 ba. Tumatir giram 30, kalori 5. Haɗin ciki gaba ɗaya ya tashi 240. A lura da yadda ganye da tumatir suka cika ciki da giram 60 a kan kalori 15 kacal. Shi ya sa muɗabbaƙ biyu masu girma ɗaya a ido za su iya bambanta sosai, ɗaya ganye ya cika shi, ɗaya nama da ƙwai biyu.

Man suya: inda lissafi ke ɓacewa

Babban cokali na mai, mai ɗaukar mililita 15, nauyinsa kusan giram 14 ne, kalori wajen 120. Cokalin shayi giram 4 da rabi, kalori 40. Matsalar ita ce ba mai suyar da ke auna mai da cokali. Daga gora ake tsiyayawa, ko a ɗebo da ludayi, a zagaya faranti, a juya muɗabbaƙ a ƙara, in gefe ya nuna alamar kamawa a sake ɗigawa. Ka tambayi mai girkin nawa ta zuba, ta ce ɗan kaɗan ne, kuma da gaske take faɗa, domin haka ta gani.

Mai ba a auna shi a jikin abinci, ana auna abin da ya ɓace ne. A ɗora gorar mai a sikeli kafin a kunna wuta a rubuta. Bayan an gama duka a sake aunawa. Bambancin shi ne abin da aka zuba. Sai a kankare abin da ya rage a faranti a auna a cire. A misalinmu gora ta ragu da giram 170, an kwashe giram 30 daga faranti da abin da ya tsane a matsami. Giram 140 ya shiga muɗabbaƙ goma, kowanne giram 14, kalori 124.

```
man guda ɗaya = (man da aka zuba − man da ya rage) ÷ yawan muɗabbaƙ
kalorin mai = giram × 8.84
```

Dalilin auna goma a raba, maimakon guda ɗaya, shi ne sikelin kicin na iya kuskuren giram ɗaya ko biyu, kuma na farko a faranti ba ya shan mai daidai da na ƙarshe. Sikelin da ke nuna giram ɗaiɗai ake buƙata. Na kasuwa mai allura ba zai ga giram 14 ba. Takardar tsane mai ma tana yaudara: in aka auna ta kafin da bayan an ɗora abinci, ƙarin nauyin ba duka mai ba ne, har da laimar tururi.

In a cikin kasko mai zurfi aka tsoma, hanya ɗaya ce, sai dai kaskon ake aunawa da mansa, kafin wuta da kuma bayan ya huce. Kada a ɗora kasko mai zafi a sikeli. A tace ɓurɓushin da ya zuba ciki tukuna. Wani zai ce ai kitsen nama na iya tsattsafowa cikin man ya ƙara masa nauyi. Haka ne, amma bai ɓata lissafi ba: an riga an ƙirga kitsen a haɗin ciki, fitarsa ta sa man da ya rage ya ƙaru, sai abin da za a ƙara na suya ya ragu daidai da shi.

Me ke sa wani ya sha mai fiye da wani?

A nan ne masu girki ke saɓani. Wasu na ganin suya a faranti dole ta fi tsomawa sauƙin mai. Wasu kuma na cewa in mai ya yi zafi sosai, tsomawa ba ta sa abinci shan mai. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Lokacin da kwaɓi ya haɗu da mai mai zafi, ruwan da ke jikinsa ya koma tururi yana fitowa da ƙarfi, shi ne kumfar da ake gani da ƙarar da ake ji. Muddin tururi na fita, yana tare mai daga shiga ciki sosai. Amma ruwan da ya fita ya bar ƙananan ramuka a ɓawon. Da an tsame, abinci ya fara hucewa, tururin da ke ciki ya lafa, sai ramukan su zuƙe man da ke kwance a sama. Kaso mai yawa na man da soyayyen abu ke sha, bayan an fitar da shi daga kasko yake shiga. Masu ƙosai sun san wannan a aikace ko da ba su faɗe shi haka ba: shi ya sa ake kaɗa matsami nan take, ba a jibge ƙosai a kwano ya zauna cikin mansa. Muɗabbaƙ ma in an ɗauke, a jingina shi a tsaye a kan raga na ɗan lokaci kafin a yanka. In aka kwantar da shi a faranti, ƙasansa zai shanye abin da ya tsiyayo.

Zafi na da tasiri. Don tsomawa, digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyos ake so. In mai bai kai ba, tururi ba shi da ƙarfi, abinci ya daɗe a ciki, ya fito fari-fari, da nauyi, yana naso. In ya wuce, baya ya ƙone ƙwan ciki bai nuna ba. Tsohon mai da aka yi ta maimaita suya da shi yakan yi kauri, ya fi manne wa abinci, ya ƙi tsanewa.

Suyar faranti kuwa dokarta daban ce, kuma ita ce mutane ba su fahimta ba. A kasko mai zurfi abinci na ɗaukar abin da zai iya, ya bar saura. A faranti kusan duk abin da aka zuba sai ya ƙare a jikin muɗabbaƙ, domin siririn kwaɓi mai ninki-ninki kamar tsumma yake, yana share faranti tas. In aka zuba cokali ɗaya ya sha ɗaya, in aka zuba uku, mafi yawan ukun zai tafi da su. Faranti ya bushe, mai suya ya ɗauka mai bai isa ba, ya ƙara. Saboda haka faranti na ba da damar rage mai ƙwarai, amma ba ya rage shi da kansa. In kwaɓin ya yage ko ninkin bai kama ba, abin ya ƙara muni, mai ya kutsa tsakanin falle da falle, inda ba takardar da za ta tsane shi.

Sai maganar irin mai. Man zaitun da man gyaɗa da man waken suya duk kalorinsu ɗaya ne, 884 a giram 100. Bambancinsu na wajen irin kitsen da ke ciki da tasirinsa ga zuciya, wannan wata magana ce daban. Samna, wato man shanun da aka narkar aka tace, wanda wasu masu muɗabbaƙ ke so don ƙamshi, ita ma tana daf da 900. Wanda ya bar man gyaɗa ya koma zaitun don ya rame, kuma yana zubawa yadda ya saba, kuɗinsa kawai ya rage.

In aka haɗa duka

Kwaɓi 208. Man miƙarwa 35. Haɗin ciki 240. Man suya 124. Jimilla 607.

Abin dubawa shi ne inda man ya ɓuya. Giram 3 a kwaɓi, 4 a miƙarwa, 2 a suyar nama, 14 a faranti: giram 23, kalori wajen 203. Wannan muɗabbaƙ in ya soyu ya rasa ruwa, mu ce ya tsaya a giram 225. Man da aka zuba da hannu kashi ɗaya cikin goma ne na nauyinsa, amma kashi ɗaya cikin uku na kalorinsa, ba a ma sa kitsen nama da na gwaiduwar ƙwai ba.

Yanzu a bar komai yadda yake a taɓa man suya kaɗai. In aka shafa cokalin shayi ɗaya da buroshi a faranti mara kamu, jimilla ta sauko 523. In aka zuba manyan cokula uku ya shanye, ta haura 840. Fulawa ɗaya, nama ɗaya, ƙwai ɗaya, girma ɗaya a ido, amma tazarar ta wuce 300. A kwatanta da sauran canje-canjen: komawa nama mai kitse kashi 10 na rage 39 ne kawai, rage curi zuwa giram 60 na rage wajen 60, ƙara ƙwai na biyu na ƙara 72. Ba wanda ya kama ƙafar mai. Wanda ya ce 300 kuwa, wataƙila ƙaramin muɗabbaƙ yake nufi mai ganye da ƙwai ba nama, ko rabin guda, ko kuma bai ƙirga mai ba sam.

A ganina rubuta 607 ma nuna ƙwarewar da babu ce. Yawan kitse kaɗai na iya kai kalorin naman da ke cikin guda ɗaya daga 88 zuwa 166, ƙwai kuma ba girmansu ɗaya ba. Faɗin gaskiya shi ne tsakanin 550 da 650. Amma wannan ba hujja ba ce ga masu cewa awon duk ɓata lokaci ne. Kuskuren hamsin sama ko ƙasa daban yake da rashin sanin ko 500 ka ci ko 850.

Hanyar ba ta muɗabbaƙ kaɗai ba ce. Farata, wato gurasar Indiya da Pakistan da ake cusa wa dankali a soya a faranti, ita ma haka ake yi mata. Dafaffen dankalin Turawa 87 ne kawai a giram 100, don haka cikinta ya fi sauƙi, sai dai hakan na nufin samnar da aka shafa mata ta fi ɗaukar kaso babba a jimilla. Muɗabbaƙ mai zaƙi, na ayaba ko cuku, sai a ƙara lissafin suga, kalori 4 a kowane giram, har da wanda aka barbaɗa a sama.

Abin da wannan ke nufi ga mai ci

Adadin da ake kwatance da shi a jikin kayan abinci shi ne kalori 2,000 a yini ga baligi, ko da yake buƙatar kowa ta danganta da jikinsa da aikinsa. A kan wannan, muɗabbaƙ guda na misalinmu ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Abinci ne cikakke, ba abin taɓawa kafin a kawo tuwo ba. Yankan da ake yi masa gutsi-gutsi na taimaka wa ruɗin, musamman a faifan buɗa-baki inda hannu ke kai da komo ba a ƙirga.

Mai ciwon suga kuma lissafinsa ya sha bamban, kuma a nan ana yawan cakuɗa abu biyu. Abin da ya fi saurin ɗaga sugan jini sitaci ne. Farar fulawa na da sitaci wajen giram 76 a giram 100, don haka fulawa giram 50 da ke cikin curi guda ta kawo giram 38. Rage mai zai rage kalori, amma giram 38 ɗin nan na nan daram. Shi abin da zai taɓa shi ne girman curi: na giram 60 ya sauko da sitacin zuwa wajen giram 27.

Wanda ya saya a shago ba shi da gorar mai da zai auna. Abin da ya rage masa shi ne nauyin soyayyen. A misalan da muka bi, giram ɗaya na soyayyen muɗabbaƙ ya kama daga kalori 2.4 ga mai ƙarancin mai, zuwa 2.7 ga matsakaici, zuwa 3.3 ga wanda ya sha mai. Sai ya auna nasa, ya dubi takardar da aka naɗo shi. In ɗigo-ɗigo ne a jikinta kuma ɓawon na ƙaras-ƙaras, ya ɗauki adadin tsakiya. In takardar ta jiƙe har ana hango yatsa ta bayanta, yanka guda kuma in an matsa shi mai na tsattsafowa daga ninkin, ya ɗauki na sama. Muɗabbaƙ mai giram 300 a irin wannan takardar ya kusa kalori dubu.